Daga Takarda Zuwa Lokeshin: Yadda Ake Lissafa Fim Kafin A Kunna Kyamara

Labarin fim mai shafi takwas, mutum zai karance shi kafin shayinsa ya huce. Amma idan aka ce a ɗauke shi da kyamara ɗaya da mutum biyar, sai ya lashe kwana biyu cur, wani lokaci ma ya nemi ƙari. Abin da ke cinye lokacin ba maganar 'yan wasa ba ce. Ɗaga kyamara ne daga wannan kusurwa a kai ta waccan, a gyara haske, a matsar da tabarma, a jira mai adaidaita sahu ya wuce, sannan a ce a fara. Wanda bai ƙirga sau nawa zai yi wannan ɗawainiya ba tun yana gida, a lokeshin zai ƙirga, kuma a can rana ba ta jiran kowa.

Takardu uku ne ke tsakanin rubutaccen labari da ranar ɗauka: zanen labari, jerin ɗauka, da jadawali. Manyan kamfanoni suna da ma'aikata na musamman ga kowace ɗaya. Ƙaramar tawaga, irin ta samarin da ke shirya gajerun finafinai don YouTube a Kano ko Jos ko Damagaram, ba ta da wannan gatan. Darakta ne zai zauna da biro, mai ɗaukar hoto a gefensa, su yi aikin da kansu.

Don a ga yadda abin yake, bari a ƙaddara wani ɗan labari. Inna ta ɗaure kuɗi a ƙyalle ta aiki Auta, yaro ɗan shekara goma, ya karɓo ɗinkin Sallah. A hanya ya tsaya kallon ƙwallo a lungu. Da ya isa shagon Tela ya laluba aljihu, wayam. Ya koma lungu yana dube-dube bai gani ba, da yamma ya dawo gida ya fuskanci Inna. Da dare Tela yana shara ya tsinci ƙullin kuɗin cikin yankakkun atamfa a ƙarƙashin keken ɗinki. Ranar Sallah da safe sai ga shi da kayan har gida. Fitowa bakwai ke nan, 'yan wasa uku, wurare uku. Tawagar kuma mutum biyar: darakta, mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar sauti, mai kula da kwantiniti wadda ita ce kuma mai kayan sawa, sai furodusa wanda shi ne direba kuma shi ne mai sayo abinci.

Aikin farko shi ne a rufe labarin. A sa wa kowace fitowa lamba, daga 1 zuwa 7, kuma daga wannan rana lambar ba za ta sake canzawa ba. Idan an soke fitowa ta 4 daga baya, sai a rubuta an soke, a bar 5 tana 5. Idan an ƙara wata tsakanin 4 da 5, a ba ta lamba mai harafi. Dalilin kuwa shi ne duk sauran takardu da waɗannan lambobi za su riƙa magana, har zuwa teburin edita, kuma lamba ɗaya ta goce sai kowa ya rikice.

Sannan a auna tsawon kowace fitowa. A tsarin rubutun fim da aka saba, wanda manhajoji irin su Final Draft da Celtx ke fitarwa da harafin Courier mai girma 12, shafi ɗaya yakan ba da kusan minti ɗaya a allo. Masu tsara ɗauka sukan raba shafi kashi takwas, su riƙa ƙirga fitowa da waɗannan kashi-kashi. A labarin Auta, fitowa ta 1 a tsakar gida shafi ɗaya ce da biyu bisa takwas, ta 3 a shago shafi ɗaya da shida bisa takwas, ta 5 kuwa, wadda ita ce zuciyar fim ɗin, shafi biyu cif. Fitowa biyu na lungu a haɗe ba su wuce shafi ɗaya da ɗaya bisa takwas ba. Sai dai wannan ma'auni yana yaudara. Layi guda da ya ce yara suna buga ƙwallo a lungu bai kai kashi ɗaya ba a takarda, amma tara yara takwas da sa su maimaita abu ɗaya sau uku zai iya cin sa'a. Haka kuma gaisuwar Hausa ba ta san shafi ba: abin da marubuci ya taƙaita a layi biyu, 'yan wasa za su ja shi da ina kwana da yaya gida da yaya hidimar Sallah. Maganinsa a karanta labarin da babbar murya, agogo a hannu, a rubuta abin da aka samu.

Ana cikin wannan karatu ne kuma ake ja wa duk abin da fitowa ke buƙata layi: wa ke ciki, me ya sa a jikinsa, me zai riƙe. Ƙullin kuɗin nan yana fitowa ta 1 da ta 6, ana kuma mayar da shi a ta 7, don haka sai a tanadi ƙyalle biyu iri ɗaya, ko da ɗaya ya ɓata.

Daga nan sai zane. Masu tarihin fim suna danganta wannan dabara da ɗakin aikin Walt Disney a farkon shekarun 1930, inda wani mai zane, Webb Smith, ya riƙa zana fitowa a takardu daban-daban yana maƙala su a allo bi da bi, kuma gajeren fim ɗin Three Little Pigs na 1933 ne aka fi ambata a matsayin wanda aka fara zanawa haka daga farko har ƙarshe. Bayan haka dabarar ta shiga finafinan mutane. Satyajit Ray na Indiya ya ɗauki Pather Panchali, wanda ya fito a 1955, yana dogara da zane-zanensa da 'yan bayanai maimakon cikakken rubutu. Akira Kurosawa na Japan ya zana fitowar Kagemusha na 1980 da fenti tun yana neman kuɗin yin fim ɗin. Amma waɗannan biyun gwanayen zane ne, kuma misalinsu yakan tsorata wanda bai iya zana ko kaza ba. Ba a buƙatar gwaninta. Da'ira ce kai, sanda ce jiki, ɗan tsini a gefen da'irar shi ne hanci, don a san inda mutum yake kallo. Wanda ko wannan ya gagare shi, ya je wurin da abokansa biyu, su tsaya a matsayin 'yan wasa, ya ɗauke su da waya ya jera hotunan.

Abin da ba a sassauta shi ne siffar akwatin. Idan fim ɗin mai faɗi ne irin na talabijin da YouTube, wato 16:9, a zana akwatuna masu wannan siffa, shida a takarda ɗaya ya isa. Idan na waya ne a tsaye, a juya su. Mutum biyu da suka zauna daram a akwati mai faɗi ba za su shiga na tsaye ba, kuma gara a gano haka da fensir.

Ba kowace fitowa ce ke bukatar zane sosai ba. Hirar Tela da Auta a shago kowa ya san yadda za a yi ta. Inda ake dagewa shi ne wurin da hoto ne ke ba da labari, ko wurin da za a iya rikicewa. A lungu, misali, idan Auta ya tafi daga hagu zuwa dama yana nufar shago, to dawowarsa daga dama zuwa hagu ce, kuma kibiya ɗaya a ƙarƙashin akwati ta isa ta tunatar da kowa. In ba haka ba mai kallo zai ɗauka yaron gaba yake ƙara yi.

Fitowa ta 5 ce ta cancanci a zauna mata. Inna tana kan tabarma ƙarƙashin rumfa tana tsintar shinkafa a faifai. Akwati na farko ɗaukar nesa ce, ana ganin tsakar gidan duka da bakin zaure. Na biyu Auta ne a bakin zauren, ya tsaya ya kasa shigowa. Sai Inna daga ƙugu zuwa sama, sai Auta shi ma haka bayan ya durƙusa. Da ya fara in-ina, sai a matso kusa da hannunsa yana zazzage aljihu. Sai hannun Inna da ya tsaya cak a kan faifai. Sai fuskarta, sai tasa. Akwati na ƙarshe ya koma nesa: ba ta ce komai ba, ta tura masa kwanon abinci. Akwati tara. Wanda ya duba su a jere zai ga cewa akwai layuka uku na faɗan Inna a rubutu da hannun nan da ya tsaya ya riga ya faɗa, kuma darakta mai hankali a nan yake soke su.

Ƙarƙashin waɗannan akwatuna akwai wani zane da ya fi su amfani ga ƙaramar tawaga, wato taswirar wurin kamar ana leƙo shi daga sama. A zana bango, rumfa, zaure, inda Inna take da inda Auta zai durƙusa, a kuma nuna gabas da yamma. Sannan a ja layi daga Inna zuwa Auta. Duk inda za a ajiye kyamara, a gefe ɗaya na wannan layi za a ajiye ta. Idan aka ɗauki Inna daga wannan gefe, aka tsallaka aka ɗauki Auta daga wancan, to a allo dukansu gefe ɗaya za su riƙa kallo, kamar kowa da bango yake magana. A lokeshin ba a cika lura ba, sai an zo haɗawa, lokacin da 'yan wasa suka watse. Gwajinsa mai sauƙi ne: a akwatunan zane, idan hancin Inna yana kallon dama, na Auta dole ya kalli hagu.

Yanzu sai jerin ɗauka, kuma a nan ne lissafin gaske yake. Kowane akwati zai zama layi ɗaya a takarda ko a Excel: lambarsa, girman ɗaukar, ko kyamara a tsaye take ko tana motsi, wa ke ciki, daga wane layi na magana zuwa wane, ko da sauti ko babu. Lambar ita ce ta fitowa da harafi, 5A, 5B, har zuwa ƙarshe, ana tsallake I da O don kada a karanta su 1 da 0 a allon da ake bugawa gaban kyamara. Abin da ya bambanta wannan jeri da zane shi ne tsari. Zane yana bin yadda mai kallo zai gani. Jeri yana bin inda ƙafafun kyamara za su tsaya.

Idan aka koma taswirar nan aka ɗora akwatunan tara a kanta, za a ga cewa mazauni biyar kawai kyamara ke buƙata. Ɗaukar nesa ta farko da ta ƙarshe daga wuri ɗaya ne. Inna daga ƙugu da fuskar Inna wuri ɗaya ne, gilashin kyamara kawai za a canza ko a ɗan matso. Auta daga ƙugu, fuskarsa, da hannunsa a aljihu, duk daga wuri ɗaya. Bakin zaure nasa daban, hannu a kan faifai shi ma nasa daban tunda daga sama za a leƙo shi. Wanda ya ce zai bi labari yadda yake, ya ɗauki Inna, ya juya ga Auta, ya dawo ga Inna, zai ɗaga kyamara sau bakwai tare da fitila da mai riƙe sandar sauti, a aikin da sau huɗu ya isa. Shi ya sa ake sa ɗan wasa ya yi fitowar gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe a kowane mazauni, edita ya zaɓi inda zai yanka.

Kowane mazauni nawa zai ci? Ya danganta da tawagar, kuma hanya mafi aminci ita ce a gwada kwana ɗaya kafin ɗauka, a sa agogo daga ɗaga kyamara har zuwa gama ɗauka uku. A wannan misali a ce minti 25 ne a matsakaici, na hira su ɗara haka, na hannu da faifai su gaza. Idan aka bi duk fitowa bakwai aka yi musu irin wannan tankaɗe, a ce an samu mazauni shida a lungu, biyar a fitowa ta 3, uku a ta 6, huɗu a ta 1, huɗu a ta 7, da biyar ɗin nan na ta 5. Jimla 27. A ninka da 25, minti 675 ke nan, sa'a goma sha ɗaya da kwata na aiki zalla, ban da tafiya da salla da abinci. Duk wanda ya yi wa furodusa alkawarin gamawa a yini ɗaya, wannan lamba ta ƙaryata shi tun kafin a hayo kyamara.

Akwai shafi ɗaya da ya kamata a ƙara a jerin: dole, ko in da hali. Ɗaukar nesa da fuskokin biyu dole ne, ba su babu fitowa. Auta a bakin zaure yana da kyau, amma idan rana ta yi gardama, ɗaukar nesa ta riga ta nuna shigowarsa. Wannan hukunci a gida ake yanke shi cikin natsuwa, don mutumin da magariba ta taso masa yakan zubar da abin da bai kamata ba.

Robert Rodriguez ya zama abin misali a wannan fanni saboda El Mariachi, wanda ya ɗauka a garin Ciudad Acuña na Meziko da kuɗi kusan dala 7,000, ya fito a 1992. Ya rubuta labarin ne a kan abin da shi da abokinsa za su iya samu kyauta, ya ɗauki yawancin hotunan sau ɗaya tak don tsimin fim ɗin da ke cikin kyamara, ya yi amfani da keken asibiti a maimakon titin kyamara. Abin koyi a nan shi ne ya san yadda zai haɗa kowane yanki tun kafin ya ɗauka, shi ya sa bai ɗauki abin da ba zai yi amfani da shi ba. Katin ajiya na yau ya sa ɗauka ta yi arha, amma bai ƙara wa yini ko minti ɗaya ba.

Sai jadawali. Tsohuwar hanya, wadda har yanzu ba a samu wadda ta fi ta sauƙi ba, ita ce a yanka takarda siri-siri, kowace fitowa da nata, a rubuta lamba, wuri, ciki ko waje, dare ko rana, tsawo, 'yan wasa, da yawan mazauni. Manyan kamfanoni har launi suke bambantawa, fari na ciki da rana, rawaya na waje da rana, sauran launuka na dare. Sai a baza su a tabarma a riƙa matsarwa. Ƙa'idar farko ita ce a tara na wuri ɗaya, don kwashe kaya daga unguwa zuwa unguwa, ko da kusa ne, sa'a guda ce ta tafi. Tsakar gida ta kwashi 1 da 5 da 7, shafi huɗu da biyu bisa takwas, mazauni 13. Lungu da shago suka kwashi sauran, mazauni 14. Kwana biyu sun fito da kansu, kuma Inna rana ɗaya kawai za a kira ta.

Amma da aka zo jera su sai matsala ta ɓullo daga inda ba a zata ba. Rubutun ya ce ranar Sallah Inna ta sha lalle, Auta kuma an yi masa sabon aski. Lalle ba ya wankuwa a yini, gashi ba ya tsirowa da yamma. Fitowa ta 7 ta safe ce, ta 5 ta yamma, kuma a ta 5 akwai hannun Inna a kusa. Idan aka bar rubutun yadda yake, dole 7 ta zama ta ƙarshe a komai, wato safiya ta uku, da ƙarin kuɗin hayar kaya da roƙon masu gida a karo na biyu. Tawagar tana da zaɓi: ta biya wannan, ko ta sa wa Auta sabuwar hula a maimakon aski, a zana wa Inna ado da abin da ruwa da sabulu za su cire. Ga fim mai ƙaramin ƙarfi na biyun ya fi, tunda hula ma ta fi aski nuna Sallah daga nesa.

Ga yadda kwanakin za su kasance idan a Kano ne cikin Fabrairu, lokacin da rana ke fitowa gab da bakwai saura, ta faɗi wajen shida da rabi. Asabar a haɗu shida da kwata, a fara ɗauka a lungu bakwai da kwata tun haske yana da taushi, a gama goma saura kwata. Tafiyar Auta da dawowarsa daga mazauni ɗaya ake ɗaukar su, yaro ya je ya dawo. A kwashe zuwa shago, a fara fitowa ta 3 sha ɗaya saura kwata, a gama kafin ɗaya, a sallami yaron. Bayan azahar da abinci sai fitowa ta 6, wadda ta dare ce. A nan zanen ya biya wahalarsa: akwatunan sun nuna Tela da keke da bango kawai, ba a ganin titi. Don haka sai a toshe ƙofa da taga da baƙin bargo, a kunna ƙwai ɗaya, dare ya yi da ƙarfe biyu da kwata na rana. Za a sha zafi, amma an kauce wa jiran bayan isha'i, lokacin da janaretocin layin suka tashi gaba ɗaya. Kafin la'asar an tashi, kuma yammacin ya zama ajiya idan wani abu ya lalace da safe.

Lahadi fitowa ta 1 za ta fara bakwai da kwata ta ƙare kafin tara. Rabin sa'a na canza kaya da zanen hannu, sai ta 7, wadda hantsi bai ɓata ta ba tunda bayan saukowa daga idi ne. A wanke hannun Inna. Saura ta 5, kuma lissafinta bai shiga ba: daga huɗu da kwata, bayan la'asar, zuwa shida da kwata minti 120 ne, mazauni biyar kuwa 125 suke nema. A wannan yanki duhu ba ya jan ƙafa bayan faɗuwar rana, don haka ba a sa rai da ragowar haske. Sai a ciro hannu a kan faifai a ɗauke shi tun kafin azahar, tunda a inuwar rumfa yake, ba wanda zai gane lokacin. Saura minti 100, da rarar 20. Sannan a jera sauran bisa yadda suke jin rana: ɗaukar nesa da farko, don ita ke nuna hasken bango kuma ita ke kafa inda kowa ya zauna, sai bakin zaure, sai Auta, wanda tsakar gida ke bayansa, Inna a ƙarshe, don bango ne kawai a bayanta, ko haske ya ragu farin allo ko ƙaramar fitila za su rufa asiri. Yaron ya samu hutu daga sha ɗaya zuwa huɗu, wanda shi da iyayensa suna da haƙƙinsa.

Duk wannan a kan takarda ne, kuma takarda ba ta jin ƙara. Mako guda kafin ɗauka ya kamata darakta da mai sauti su je kowane wuri a daidai ranar da sa'ar da jadawali ya faɗa, su tsaya shiru na 'yan mintuna. A nan ake gano cewa maƙwabcin gidan yana da injin niƙa da ke tashi ƙarfe huɗu, ko 'yan Islamiyya suna bin lungun da safe. A wannan zuwa ne kuma ake gaida mai unguwa a gaya masa abin da za a yi, a daidaita da mai shago, wanda ba zai ba da shagonsa a goman ƙarshe na azumi ba ko nawa za a ba shi. Wanda zai ɗauka a Kano ya tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ya ji ƙa'idojinta kafin ya tsayar da rana. Wanda kuma ya sa ɗaukar waje a Agusta, ya tanadi fitowar ciki da zai koma mata idan hadari ya haɗu.

Daren jajibirin kowace rana, furodusa zai tura wa kowa takardar kira ta WhatsApp: wuri, lokacin zuwan kowane mutum, fitowar da za a yi, kayan da zai zo da su. Kowa da nasa lokacin. Babu dalilin kiran Tela shida na safe ranar Asabar alhali sai sha ɗaya saura za a neme shi. A jadawalin kuma a sa abubuwan da ba hoto ba ne amma suna cin lokaci: cajin batura, kwafe katin ajiya zuwa wuri biyu, da minti ɗaya na shiru da mai sauti zai naɗa a kowane wuri kafin a kwashe, wanda edita zai cike gurabe da shi.

A lokeshin, jerin ɗauka yana hannun mai kwantiniti. Duk mazaunin da aka gama ta soke shi ta rubuta lokacin, ta ɗauki hoton yadda Inna ta ɗaura ɗankwali da hannun da Auta ya riƙe ƙulli. Ita ce za ta fara ganin an makara. A ranar Asabar ta wannan misali, idan an kira azahar ya kamata a ce an soke mazauni 11 cikin 14. Idan takwas kawai aka soke, to minti 25 ɗin nan ba na wannan tawaga ba ne, na kusan 35 ne, kuma a wannan gudu mazauni huɗu na yammacin Lahadi za su nemi minti 140 a inda ake da 120. Darakta ya zauna a daren ya buɗe shafin in da hali, ya cire bakin zaure tun kafin gari ya waye.